Kurakuran da masu tsara tambaya kan darajar p da tazarar amincewa ke ta maimaitawa

Duk wanda ke zama a zauren gabatar da aikin ƙididdiga, a Marwa ne ko Gaundare ko Njamena, ya san yadda ƙarshen zaman ke kasancewa. Ɗalibi ya gama nuna jadawalinsa, sai a zo wurin tambayoyi, ko dai waɗanda shi ya shirya wa 'yan ajinsu ko waɗanda malamai za su yi masa. A nan ake ɓata abin. Tambayoyin da ake yi kan darajar p da tazarar amincewa yawancinsu hadda suke aunawa, wasu kuma amsar da mai tambayar ya riƙe a takardarsa ita kanta kuskure ce. Na gaji da ganin haka, shi ya sa na tattara waɗanda aka fi yi.

Bari mu kafa misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce ɗalibi ya gwada wani sabon haɗin taki a gonakin masara na kewayen Garwa. Gona 30 an sa musu sabon, 30 an bar su da wanda aka saba. Waɗanda aka sa wa sabon sun fi da kilo 120 a kowace hekta, a matsakaici. Kuskuren kiyasin wannan bambanci kilo 55 ne. In ka raba 120 da 55 za ka samu 2.18, wanda ke ba da p = 0.03, kuma tazarar amincewa ta kashi 95 cikin ɗari ta tashi daga kilo 10 zuwa kilo 230. Ƙirƙirar lambobin na yi don koyarwa, amma lissafinsu daidai yake, kowa na iya bin sa.

Kuskure mafi sauƙi shi ne tambayar "Mece ce darajar p?" Ɗalibi zai karanto maka jumlar da ya haddace da Faransanci ba tare da ya yi tuntuɓe ba, ka ba shi maki, alhali bai san abin da ya faɗa ba. Ni abin da nake yi shi ne in bar jadawalin a kan allo in ce: "Ga 0.03 nan. Yi wa mai gonar bayaninsa da Hausa ko Fulatanci, cikin jumla biyu." Wanda ya gane zai iya, wanda ya haddace kuwa nan take yake kamewa.

Babban bala'in yana cikin takardar amsa. Sau da yawa za ka ga an rubuta cewa p = 0.03 na nufin akwai yiwuwar kashi 3 cikin ɗari cewa takin ba ya aiki, ko kuma kashi 97 cewa yana aiki. Wannan ba daidai ba ne ko kaɗan, kuma abin takaici ne a ce mai gwada wasu shi ne ke koya musu shi. Kafin a lissafa p, sai an fara ɗauka cewa takin ba shi da wani tasiri, wato abin da ake rubutawa H0. Daga nan ake tambaya: in da gaske babu bambanci, aka yi ta maimaita gwajin nan da gona 30 da 30, sau nawa za a ga rata da ta kai kilo 120 ko ta wuce, ta kowane ɓangare? Amsar ita ce kusan sau 3 cikin 100. To lambar da aka samo bisa sharaɗin cewa H0 gaskiya ne, ta yaya za ta juyo ta gaya maka yiwuwar gaskiyar H0 ɗin? In an yi ruwan sama ƙofar gida za ta jiƙe, amma ganin ƙofar gida a jiƙe bai isa ka rantse an yi ruwa ba, wataƙila mai garuwa ne ya wuce.

Wanda ya yi gardama, ka ba shi wannan lissafin ya yi da hannunsa. A ce an gwada haɗin taki 1000 daban-daban, 100 ne kawai masu aiki da gaske. A ce kuma gwajin yana iya gano 80 cikin waɗannan 100. Sauran 900 ɗin ba su da amfani, amma da ma'aunin p ƙasa da 0.05, kashi 5 cikin ɗarinsu, wato 45, za su tsallake bisa sa'a kawai. Waɗanda suka tsallake sun zama 125 ke nan, 45 daga ciki na banza ne. Hakan ya haura kashi ɗaya cikin uku, ya yi nisa da kashi 5 da mutane ke zato. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka sai da ta fitar da sanarwa ta musamman a 2016 kan darajar p, kuma cikin abin da ta jaddada har da cewa p ba ya auna yiwuwar gaskiyar hasashen da ake gwadawa. Shekaru sun wuce, mu kuma har yanzu muna ba da maki a kan wannan kuskure. Haba jama'a! Ɗalibin da ka yi wa haka gobe shi ne zai rubuta rahoton da za a raba wa manoma taki a kansa.

Gyaran da nake bi shi ne in mayar da kuskuren ya zama tarko. In tambaya ce ta zaɓi, sai in sa jumlar "kashi 3 cikin ɗari takin ba ya aiki" a cikin zaɓin, in rubuta ta da kyau yadda za ta ja hankali. In ƙara da "in aka sake gwajin, kashi 97 za a sake samun wannan sakamako", ita ma ƙarya ce da ke zaune a kan mutane da yawa. Sannan in sa amsar gaskiya, in kula kada ta fi sauran tsawo, domin ɗalibai sun daɗe da gane cewa doguwar amsa mai cike da sharuɗɗa ita ce ake so. Zaɓin wasa irin "p shi ne yawan gonaki" ɓata wuri ne, ba wanda zai ɗauka.

Tazarar amincewa ma tana da nata. Wanda ya fi yawo shi ne cewa kilo 10 zuwa 230 na nufin gonaki 95 cikin 100 za su samu ƙari a tsakanin nan. A'a. Tazarar tana magana ne a kan matsakaicin tasirin takin, ba ruwanta da abin da gona guda za ta bayar. A misalinmu gonakin da ke rukuni ɗaya suna saɓawa da matsakaicinsu da wajen kilo 213, saboda ƙasa da ruwa da lokacin shuka. Tambayar da ke tona wannan ita ce: "In aka ƙara gonakin daga 30 zuwa 120 a kowane rukuni, me zai faru da tazarar, me kuma zai faru da saɓanin da ke tsakanin gonaki?" Faɗin tazarar zai ragu zuwa kusan rabi, tunda an ninka samfurin sau huɗu. Saɓanin gonaki kuwa yana nan inda yake.

Shi kuma 95 ɗin siffa ce ta hanyar lissafin, kamar yadda Jerzy Neyman ya tsara ta a 1937: in aka yi ta ɗibar samfuri ana gina tazara, kusan 95 cikin 100 za su ƙunshi lambar gaskiya. Wadda ke kan allo ko ta ƙunsa ko ba ta ƙunsa ba. A nan ba na tsananta wa ɗalibi kan lafazi kamar yadda wasu abokan aiki ke yi. Na fi son in buɗe manhajar R ya gani da idonsa:

```r
mean(replicate(1000, {
  ci <- t.test(rnorm(30, 120, 213))$conf.int
  ci[1] < 120 & 120 < ci[2]
}))
```

Lambar da za ta fito tana kusa da 0.95. Sai in tambaye shi me aka ƙirga sau 1000 ɗin, kuma wane abu ne ke motsi a kowane zagaye, tazarar ce ko 120 ɗin.

Akwai kuma sakacin kawo misali mai p ƙasa da 0.05 kaɗai. Dole ne a cikin tambayoyin a samu guda da bai tsallake ba. Canja bambancin ya koma kilo 90, ka bar kuskuren kiyasi a 55. Yanzu p ya zama kamar 0.11, tazarar kuma daga ragin kilo 20 zuwa ƙarin kilo 200. Ka tambaya: "Za mu iya ce wa manoma takin ba ya aiki?" Da yawa za su ce e, tunda sifili yana cikin tazarar. Amma kilo 200 ma yana ciki, buhu biyu ke nan a hekta. Abin da gwajin ya nuna shi ne gonaki 60 ba su isa a yanke hukunci ba. Wanda ya rubuta "babu bambanci" a nan bai cancanci cikakken maki ba, ko da lissafinsa daidai ne.

Sai kuma ka juya masa abin. Gona 3000 a kowane rukuni, bambanci kilo 15, p = 0.006, tazara daga kilo 4 zuwa 26. A ce sai ƙarin ya kai buhu guda mai kilo 100 kafin kuɗin sabon takin ya fita. Wanne sakamako ya fi ba manomi dalilin ciro sefarsa, wannan ko na farko? Wanda ya bi ƙanƙantar p zai zaɓi wannan, alhali shi ne ya nuna ƙarara cewa takin ba zai biya kuɗinsa ba. Na farkon ma, mai kilo 10 zuwa 230, bai tabbatar da riba ba, domin ƙasan tazarar bai kai buhu ba. Wannan ita ce tambayar da na fi ba maki mai yawa.

Sauran ƙanana ne. Kada ka haɗa tambaya biyu a jumla ɗaya, ba za ka san wacce aka faɗi ba. Ka faɗi ko gwajin na ɓangare ɗaya ne ko biyu. In manhaja ta nuna maka .000, ka rubuta p < 0.001, domin p bai zama sifili ba. Ɗalibanmu da waƙafi suka saba rubuta 0,03, R kuwa ɗigo yake sawa, don haka ka tsaya a kan ɗaya daga farkon takarda zuwa ƙarshe.

Tambaya ta ƙarshe da ya kamata a yi wa kowane mai gabatarwa ita ce gwaji nawa ya yi kafin ya kawo wannan da ke kan allo. In ya auna abu 20 da ba su da alaƙa da juna, tsawon kara, nauyin zangarniya, yawan ganye da sauransu, kuma takin bai taɓa ko ɗaya ba, yiwuwar aƙalla guda ya fito ƙasa da 0.05 ta kai kashi 64 cikin ɗari. Ka sa shi ya lissafa `1 - 0.95^20` a gaban aji, sannan ya nuna jadawalin sauran 19 ɗin.