Ƙarfi Ya Ƙaru, Dantse Bai Motsa Ba: Kurakuran Sababbin Masu Ɗaga Ƙarfe

A ce saurayi ya fara tura ƙarfe a kwance kan benci da kilo 30, sau takwas, hannu na rawa. Bayan mako shida yana tura kilo 40 ba rawa, amma da ya auna dantsensa da tef ɗin tela, lamba ɗaya ce da ta ranar farko. Nan mutane da yawa ke cewa aikin banza suke yi, su ajiye. Wannan shi ne kuskure na farko.

Tsoka ba ta motsi sai da umarni. Saƙo na tasowa daga ƙwaƙwalwa, ya bi ta laka, ya isa jijiyoyin motsi, kowace jijiya kuma tana riƙe da rukunin zaruruwan tsoka nata. A makonnin farko jiki na koyon kiran rukunonin da yawa lokaci guda, da aika saƙon da sauri, da sassauta tsokar da ke ja ta ɗaya ɓangaren don kada ta riƙa taka burki. Binciken masana Moritani da deVries na 1979 ya nuna cewa wannan koyon ne ke kawo mafi yawan ƙarfin farko, girman tsoka sai daga baya yake karɓar ragama. Har ma hannun da ba a horar ba yakan ƙara ɗan ƙarfi idan an horar da ɗayan. Don haka ka bar madubi, ka riƙa rubuta kilo da adadin ɗagawa a littafi.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi: sauya salo kowane mako saboda an ga sabon bidiyo. Jijiya motsin da aka maimaita mata take ƙwarewa a kai, ƙarfin da ka samu a benci ba duka zai bi ka zuwa wani salon ba. Zaɓi motsi uku ko huɗu, ka tsaya a kansu mako takwas, sau biyu ko uku a mako.

Wasu kuma kumburin da ke biyo bayan atisaye suke ɗauka girma ne. Jini ne da ruwa, zai sace.

Sai masu ganin kilo na hawa su ɗauka haka zai ci gaba, su riƙa lafta nauyi. Jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi ba sa ƙarfafa da wannan saurin, shi ya sa gwiwar hannu ko kafaɗa ke fara ciwo. Kada ka ƙara sai ka cika adadinka ba tare da ƙarfen ya karkace ba, sannan ka ɗora kilo biyu da rabi. In ciwon a gaɓa yake, mai suka, rage nauyi nan take.