Yadda ake haɗa shaidar aure don bizar ma'aurata ta Birtaniya: takardar masallaci ko ta rajista?

Da zarar an ji miji na son ɗauko matarsa zuwa Birtaniya, shawarar farko da ake ba shi ita ce ya je a yi masa auren rajista, wai Turawa ba su san ɗaurin auren masallaci ba. Wannan magana ba haka take ba, kuma wanda ya bi ta ido rufe yana iya jawo wa kansa abin da ya fi rashin biza ciwo. Ƙa'idar da Birtaniya ke bi ita ce: auren da aka ɗaura a wata ƙasa, in dokar ƙasar ta amince da shi kuma ma'auratan sun cancanci yinsa, to aure ne. Najeriya kuwa ta amince da aure iri uku, wato na dokar aure da ake yi a rajista ko a cocin da ke da lasisi, da na gargajiya, da na Musulunci. Don haka auren da aka ɗaura a ƙofar gida a Zariya, da waliyyi da shaidu da sadaki, aure ne a idon jami'in biza. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen tabbatar masa da cewa an ɗaura ɗin.

Mu ɗauki misali. A ce wani mutum yana zaune a Manchester, ya samu izinin zama na dindindin. An ɗaura masa aure da wata budurwa a Zariya a watan Maris na 2023, ranar Asabar da hantsi. Bai samu zuwa ba, ƙanin mahaifinsa ne ya karɓa masa. Ya zo gida bayan wata huɗu, amarya ta tare, ya yi mako shida ya koma. Yanzu yana so ta bi shi. Ga yadda zai bi.

Mataki na farko shi ne ya duba ko akwai abin da zai hana a karɓi auren tun daga tushe, domin babu takardar da ke gyara wannan. Dole su biyun su kai shekara 18 a ranar da aka shigar da neman bizar, kuma dole a ce sun taɓa haɗuwa ido da ido. Idan ɗayansu ya taɓa aure, sai an nuna cewa wancan auren ya ƙare: takardar saki daga kotu ga bazawara, ko takardar shaidar rasuwa ga wadda mijinta ya mutu. A nan mazauna Birtaniya ke yawan faɗawa rami. Dokar iyali ta 1986 ta can ba ta ɗaukar sakin da aka yi a cikin Birtaniya sai wanda kotun ƙasar ta raba. Mutumin da ya furta saki yana zaune a ɗakinsa a Manchester, ko ya rubuta ya aika ta waya, a wurinsu har gobe yana da mata. Idan ya zo ya sake aure a gida, ya zama mai mata biyu a lissafinsu, kuma dokar shige da fice ta Birtaniya ba ta ba mace biza a matsayin matar aure alhali wata matar mijin ta riga ta shiga ƙasar a wannan matsayi kuma aurensu na nan. Mutumin namu saurayi ne, ita ma budurwa, don haka sun wuce nan.

Mataki na biyu, ya nemo takardar da ta fito daga inda aka ɗaura auren. Manyan masallatan Juma'a da dama da ƙungiyoyin addini suna da littafin rajistar aure, suna kuma ba da satifiket. Takardar da za ta yi amfani ita ce wadda ke ɗauke da cikakken sunan ango da na amarya, da rana da wurin ɗaurin auren, da sunan limami, da waliyyi, da wakilin ango, da shaidu biyu, da adadin sadaki, da sa hannu da hatimi. A tabbata tana da lambar da za a iya komawa littafi a gano ta, don jami'an biza kan bincika. Katin gayyata da kalandar biki ba shaidar aure ba ne, sai dai su zama ƙarin hujja.

Idan ba a rubuta komai a ranar ba, kamar yadda aka saba a yawancin ɗaurin aurenmu, kada a roƙi limami ya mayar da kwanan watan takardar baya. Ya rubuta ranar da aka ɗaura auren a gurbinta, ya kuma rubuta ranar da ya bayar da takardar a nata gurbin. Takardar da aka fitar a 2025 tana shaida auren 2023 ba laifi ba ce. Wadda aka yi wa kwaskwarima don ta yi kamar tsohuwa kuwa, in aka gano, hukuncin yaudara ne, kuma yana bin mutum a duk wata biza da zai nema nan gaba.

Mataki na uku, a kai maganar gaban hukuma. Dokar rajistar haihuwa da mutuwa ta 1992 ta tanadi a yi rajistar auren gargajiya a kotun yanki ko kotun gargajiya ta wurin da aka ɗaura shi cikin kwana 60. Kusan babu mai yi, kuma rashin yi bai ɓata auren, amma ga mai neman biza hatimin kotu na ƙara wa takardar masallaci nauyi sosai. Sai a je kotun shari'a ko kotun yanki ta garin, tare da waliyyi da shaidu, a nemi a rubuta auren a ba da takarda. A haɗa da takardar rantsuwa daga babbar kotu, wadda mahaifin amarya ko waliyyinta zai rantse cewa shi ya ba da auren a rana kaza, a wuri kaza, a kan sadaki kaza, shi ma wakilin ango ya yi tasa. Takardar rantsuwa ita kaɗai ba ta da ƙarfi, don kowa ya san yadda ake samunta a bakin kotu. Amfaninta shi ne ta tallafa wa sauran.

Batun wakili na buƙatar bayani a rubuce. Mu a wurinmu ba abin mamaki ba ne a ɗaura aure ango na wata ƙasa, amarya kuma na cikin gida. Birtaniya na karɓar auren wakilci muddin dokar wurin da aka yi shi ta yarda da shi, amma jami'in zai so ya fahimci yadda aka yi mutum ya yi aure a Zariya a ranar da fasfonsa ke nuna yana Manchester. Gajeriyar wasiƙa ta wadatar: an ɗaura ne bisa shari'ar Musulunci, wane ne wakili, ga ranar da ango ya iso, ga hatimin shigowarsa, ga hotunan tarewa. Wanda zai kai matarsa wata ƙasar kada ya ɗauka haka abin yake ko'ina. Amurka ba ta ɗaukar auren da ma'auratan ba su halarta tare ba sai an nuna sun tare bayan ɗaurin auren. Kanada kuma tun 2015 ta daina karɓar auren wakilci, sai wata togaciya ga sojojinta. Ga mai niyyar Kanada, rashin halartar ɗaurin aure babbar matsala ce.

Mataki na huɗu shi ne daidaita sunaye, kuma shi ya fi cin lokaci. Fasfo ya ce Aishatu, takardar masallaci ta ce A'isha, katin NIN ya ce Aisha da sunan kaka a ƙarshe. A jera takardun duka a kan tabarma a bi su harafi bayan harafi, a sa masallaci da kotu su rubuta suna daidai da na fasfo. Duk takardar da ke da Larabci ko Hausa ko ajami sai an fassara ta zuwa Turanci, mai fassarar ya rubuta cewa fassarar daidai take, ya sa kwanan wata, da cikakken sunansa, da sa hannu, da inda za a same shi. Idan takardar na ɗauke da kwanan watan Hijira kaɗai, a sa na Miladiyya a gefensa, a kuma tabbata ya yi daidai da wanda aka cika a fom.

Sai mataki na biyar, wanda shawara ce ba tilas ba: a ƙara da auren rajista ko a bari? Gaskiya satifiket ɗin rajista, wanda ake kira Form E, ya fi kowace takarda sauƙin karɓuwa, don jami'ai sun saba da shi kuma ana iya tantance shi. Hanyarsa sananniya ce. Ana shigar da sanarwa wurin magatakardan aure, a rajistar tarayya irin ta Ikoyi ko ta Abuja ko a ta ƙaramar hukuma, a jira kwana 21 ko wani zai kawo ƙorafi, sannan a yi auren cikin wata uku daga ranar sanarwar, ma'auratan da kansu a gaban shaidu biyu. Ba a wakilci a nan, dole mutumin namu ya yanki tikiti.

Abin da masu ba da shawara ba sa faɗa shi ne wannan sabon aure ne mai dokarsa, ya wuce a ce an yi wa auren masallaci rajista. Auren mace ɗaya ne. Wanda ya yi shi ba zai iya ƙara aure na gargajiya ko na addini ba muddin yana nan, wanda kuma yake da wata matar daban tun farko, auren rajistarsa ɓatacce ne, dokar ta kuma tanadi ɗaurin shekara 5 a kan kowanne. Saki da baki ko da takarda ba ya raba shi, sai babbar kotu ƙarƙashin dokar 1970 ta shari'un aure. Yana kuma iya tayar da gardama a kan dokar da za a bi wajen rabon gado. A ganina, ma'auratan da takardun masallaci da na kotu suka yi musu kyau ba su da dalilin shiga wannan don biza kawai. Wanda limaminsa ya rasu, masallacin ba shi da littafi, shaidu sun watse, shi ne ya kamata ya zauna da matarsa da lauya da malami su auna.

Idan an yi na rajistar, yanzu akwai ranakun aure biyu. Kada a ɓoye ɗaya. A ce na masallaci Maris 2023, na rajista Janairu 2025, ga jariri an haifa a 2024: a miƙa takardun biyu, a bayyana a wasiƙa cewa mutum biyun nan ne suka ɗaura na addini sannan suka ƙara da na doka. A kuma duba abin da aka rubuta a bizar ziyara ta baya, don idan matar ta taɓa cika fom bayan Maris 2023 ta ce ba ta da aure, wannan ma sai an yi bayaninsa.

Takardar aure kashi ɗaya ce cikin abin da sashen Appendix FM na dokokin shige da fice ke nema. Jami'in zai kuma duba ko auren na gaskiya ne kuma yana ci gaba, ta hanyar tikitin zuwa gida, da kuɗin cefane da ake turowa, da hirar waya, da takardar haihuwar ɗa in akwai. Zai duba kuɗin shigar mijin, wanda tun 11 ga Afrilu 2024 aka mayar da mafi ƙarancinsa fam 29,000 a shekara ga sababbin masu nema, da jarrabawar Turanci matakin A1, da gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi. Waɗannan ƙa'idojin kan sauya, don haka a buɗe shafin gov.uk a sake karanta su a makon da za a biya kuɗin fom.