Darasi na Bakwai: Wutar da Ke Zubewa a Hanya Kafin Ta Isa Wurin Sumo

A ranin da ya wuce, wani manomin albasa daga yankin Aliero ya kira ni gonarsa. Cikin wata biyar sau biyu yana fito da sumonsa daga rijiyar burtsatse, sau biyu ana kai shi naɗi. Da na isa na same shi a ƙarƙashin rumfa, ransa a ɓace. Ya ce, "Malam, ko dai sumon nan jabu aka sayar mini, ko mai naɗin ne bai san aikinsa ba."

Na ce, "Alhaji, bari mu bi wayar tukuna."

Janaretonsa yana cikin rumfar mai gadi, don gudun ɓarayi. Daga rumfar zuwa bakin rijiya muka auna, muka sami mita 120. Sumon kuma an rataye shi mita 60 a ƙasa. Wato wutar tana tafiyar mita 180 kafin ta isa wurin aikinta. Na share ƙurar da ke jikin wayar da babban yatsa, na karanta rubutun da ke kanta mai nuna kaurin ƙarfen ciki: 1.5 mm². Irin wadda ake ja wa ƙwan fitila a ɗaki.

Kowa a cikinmu ya taɓa riƙe tiyon ban ruwa. In tiyon gajere ne mai faɗi, ruwa yana fita da ƙarfinsa. In aka jona shi ya yi tsawo, ga shi siriri, sai ruwan ya iso ƙarshe a gajiye, alhali injin bai rage komai ba. Haka wuta take cikin waya. Jan ƙarfen da ke ciki yana ɗan tauye ta a kowace mita, abin da aka tauye kuma ya zama zafi a jikin wayar. Abu uku ke sa asarar ta yi yawa: tsawon waya, sirantakarta, da yawan wutar da injin yake ja.

Akwai ma'auni biyu da za mu riƙe. Ƙarfin turin wuta ana auna shi da bolt, alamarsa V. Yawan wutar da ke gudu cikin waya ana auna shi da amfiya, alamarsa A. A ƙasarmu wutar gida ana son ta zama bolt 230. A jikin kowane sumo, ko a kwalinsa, akwai ɗan allo da aka rubuta waɗannan. Na Alhaji mai ƙarfin doki ɗaya da rabi ne, an rubuta 230 V da 8 A. Ina roƙonku, kafin a zura sabon sumo cikin rijiya a kwafe abin da ke allon nan a takarda, ko a ɗauki hotonsa da wayar hannu. In ya shige ƙasa, ba mai sake ganinsa sai ranar da ya lalace.

Ƙa'idar da masu aikin wuta suke bi ita ce kada abin da zai zube a hanya ya wuce kashi 5 cikin 100. Kashi 5 cikin 100 na 230 shi ne bolt 11 da rabi. Wannan ita ce iyakarmu.

Lissafin ba shi da wuya. Kowane kaurin waya yana da lambarsa, wadda ke nuna yawan asarar da yake yi. Ga lambobin wayar jan ƙarfe, a wuta mai layi ɗaya irin ta gida:

| Kaurin waya | Lambarta |
|---|---|
| 1.5 mm² | 29 |
| 2.5 mm² | 18 |
| 4 mm² | 11 |
| 6 mm² | 7.3 |
| 10 mm² | 4.4 |

Ku lura, waya na ƙara kauri, lambarta na raguwa. Lambobin nan sun riga sun haɗa zuwa da dawowar wuta, don haka ba sai an ninka tsawon sau biyu ba. Abin yi kawai shi ne:

`lambar waya × amfiya × tsawo a mita ÷ 1000`

Abin da ya fito shi ne bolt ɗin da suka zube a hanya.

Mu gwada da wayar Alhaji. Amfiya 8 sau mita 180 ya ba mu 1440. Mu riƙe wannan, don shi za mu yi ta amfani da shi. 1440 sau 29 ya zama 41,760. A raba da dubu, kusan bolt 42 ke nan. Janareto yana ba da 230, sumo yana samun kusan 188.

Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Sukan ce, ai in wuta ta yi ƙasa sai injin ya huta, me zai ƙona shi? Da ƙwan fitila ne, da haka ne: sai haskensa ya dusashe kawai. Amma sumo nauyin ruwa yake ɗagawa, kuma nauyin ba ya raguwa don wuta ta ragu. Kamar jaki ne da aka rage wa abinci ba a rage masa kaya ba. Don ya cika aikin, sai ya ƙara jan amfiya. Ƙarin amfiya yana ƙara zafi a kwayil ɗinsa, yana kuma ƙara asarar da ke cikin wayar. Zafin nan ne yake cin rufin siririyar wayar naɗin a hankali, mako bayan mako, har wata rana ta haɗe ta ƙone.

Lokacin tayarwa ya fi kowane lokaci tsanani. A daƙiƙun farko sumo yana jan ninkin amfiyarsa sau uku zuwa biyar, wani lokaci fiye, asarar hanya kuma ta ƙaru tare da shi. Ga shi ƙarfin juyawar injin yana faɗuwa fiye da yadda wutar ta faɗi: in wuta ta ragu da kashi 10 cikin 100, ƙarfin juyawa yakan ragu da kusan kashi 19. A bolt 188, kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa kawai ya rage wa sumon Alhaji. Mai gadin ya ce mini sau da yawa in ya kunna, sai ya ji akwatin kwantirol yana gunji, ruwa shiru, sai maɓallin tsaro ya faɗi. Shi kuma sai ya danna ya sake kunnawa, har sau huɗu ko biyar. Kowace dannawa tana ƙara gasa kwayil ɗin ne.

Alhaji ya ce, "To amma Malam, wanda ya haɗa mini ya sa na'urarsa a bakin rijiya, na gani da idona, 230 ta nuna."

Gaskiya ya gani. Sai dai a lokacin sumon a kashe yake. In ba abin da ke jan wuta, ba abin da ke zubewa, ko da wayar ta kai siririn zare. Awo na gaskiya sai sumo yana aiki: a auna a bakin janareto, a auna a bakin rijiya, a cire wannan daga wancan. Muka yi haka a gabansa, bambancin ya kusa bolt 30 a mita 120 ɗin da ke sama kaɗai. Mita 60 ɗin da ke cikin rijiya ba a iya auna ƙarshensu, sai dai a lissafa. Wannan awo aikin wanda ya san wuta ne. Kuma kafin a taɓa cikin akwatin kwantirol a kashe janareto, a tuna cewa kafastar da ke ciki, wato 'yar na'urar da ke tara wuta, tana iya riƙe ta ko bayan an kashe.

To wace waya ta dace? Muka zauna a kan tabarma da biro. Da 2.5, 1440 sau 18, a raba da dubu, kusan bolt 26: ya zarce iyaka nesa. Da 4, kusan bolt 16: ya matso, amma bai shiga ba. Da 6, bolt 10 da rabi. Wannan ce ta farko da ta shiga ƙarƙashin 11 da rabi.

Da na faɗa, sai Alhaji ya yi shiru, don ya san mita 180 na waya mai kaurin 6 ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ban ga laifinsa ba. Amma a lissafin akwai abin da ya fi arhar gyarawa, wato tsawon. Zurfin rijiya ba ya canzuwa, nisan janareto kuwa yana hannunmu. Na ce ya gina ɗan ɗaki mai ƙofar ƙarfe, mai wurin fitar hayaƙi, mita 10 daga rijiyar. Tsawon ya koma mita 70. Amfiya 8 sau 70 ya zama 560. Da waya mai kaurin 2.5, 560 sau 18, a raba da dubu, bolt 10 ke nan. Da mai kaurin 4 kuwa, bolt 6 da ɗan wani abu. Na ba shi shawarar ya ɗauki 4, saboda janareto in ya tsufa, ko aka ɗora masa wasu kaya, ba kullum yake cika 230 ba. Wanda yake kan wutar layi, inda takan zo ƙasa-ƙasa da yamma, shi ma ya hau mataki ɗaya sama da abin da lissafi ya ba shi. Waya mai kauri ba ta ƙara wutar da ba ta zo ba, tana dai hana a rasa wadda ta zo.

Sai batun saye. Lambobin da na ba ku na jan ƙarfe ne tsantsa mai cikakken kauri. A kasuwa akwai wayar da cikinta alminiyam ne, an yi mata wankan jan ƙarfe a sama. Asararta ta fi ta jan ƙarfe da fiye da rabi, wato lissafinka duka ya rushe. A feƙe bakin wayar, a kankare silin da wuƙa: in fari ya bayyana, a ajiye ta. Naɗinta ma a hannu ba shi da nauyi. Akwai kuma wadda robarta ta yi kauri, ƙarfen ciki ya rame, don haka ƙarfen za a duba. Wadda za ta shiga rijiya dole ta zama wayar sumo da aka yi don zama cikin ruwa, da silin da ke zuwa ƙasa don tsaro. In an yi jonawa, a matse ta sosai a rufe da abin da ruwa ba ya ratsawa, don sakakkiyar jonawa ita ma tana cin wuta tana zafi. Ragowar waya kuma a yanke ta, kada a bar ta a nannaɗe a gefe, domin duk mitar da wuta ta bi tana cikin lissafi.

Aikin gida. Wata ƙungiyar mata a unguwarku tana da sumo da aka rubuta 6 A a allonsa. An rataye shi mita 50 a ƙasa, wurin da ake ɗauko wutar kuma mita 40 ne daga bakin rijiya. Ku haɗa tsawon, ku gwada lissafin da 1.5, da 2.5, da 4. Ku rubuto bolt nawa ke zubewa a kowace, da wadda za ku ce su saya in wutarsu takan yi ƙasa da yamma.