Yadda ake jawabin buɗe zaman tattara dabaru a ƙungiyar matasa

Jawabin da ake buɗe zaman tattara dabaru da shi bai kamata ya wuce minti uku ba. Aikinsa shi ne ya sa wanda ya fi kowa kunya a ɗakin ya yarda cewa zai iya faɗin abin da ke ransa ba tare da an gwale shi ba. Tarihin ƙungiya da jerin godiya da nasiha duk suna da ranarsu, amma idan ka cika jawabin da su, kafin ka kai ga batun jikin mutane ya yi sanyi, kowa ya koma kan wayarsa.

Wannan salon zama ya samo asali ne daga Alex Osborn, wani Ba'amurke mai harkar talla a kamfanin BBDO, wanda ya shimfiɗa ƙa'idojinsa a littafin da ya fitar a 1953. Ƙa'idojin huɗu ne: a jinkirta hukunci, a nemi yawa, a yi maraba da dabarar da ta yi kama da shirme, sannan a ɗora a kan ta wani. Jawabinka zai ɗauki waɗannan huɗun, amma karanto su kamar dokar makaranta ba ya sa kowa ya buɗe baki. Sai an ji dalilinsu, kuma an ga kai ma ka bi su.

Mataki na farko tun a gida ake yin sa, wato gyara tambayar. A ce ƙungiyarku ta mutum 12 ce, kuma damuwarku ita ce sababbin mambobi suna zuwa taro sau ɗaya, daga nan ba a sake ganinsu. Idan ka tambaya, "Yaya za mu ciyar da ƙungiya gaba?" amsar da za ka samu ita ce haɗin kai da jajircewa, abin da ba wanda zai iya aiwatarwa ranar Asabar. Idan kuma ka ce, "Me ya sa sababbi ba sa dawowa?" ka buɗe ƙofar laifi, za a fara kallon sakatare. Tambayar da ke haifar da dabaru ita ce mai farawa da "ta waɗanne hanyoyi": "Ta waɗanne hanyoyi za mu sa wanda ya zo taro sau ɗaya ya dawo na biyu?" Ka rubuta ta ɓaro-ɓaro a allo ko a babbar takarda kafin mutane su shigo, domin duk wanda ya kauce a nuna masa ita da yatsa kawai.

Sai ka yanke adadi da lokaci. Kada ka ce "mu kawo dabaru da yawa", don yawa a wurin wani uku ne. Ka ce 60 cikin minti 20. Ga mutum 12, biyar-biyar ke nan, abin da zai yiwu, amma sai an ɗan matsa. Amfanin matsin shi ne dabarun farko kusan duk waɗanda kowa ya sani ne: a kira su a waya, a tura musu saƙo, a sa su cikin zauren WhatsApp. Sai waɗannan sun ƙare mutum ke fara lalubo abin da bai taɓa faɗa ba. Wanda aka ce ya kawo guda biyu ba zai kai wannan gaɓar ba.

Yanzu jawabin kansa. Ga yadda zai iya kasancewa:

"'Yan uwa, barkanmu da zuwa. Tambayarmu ta yau guda ɗaya ce, ga ta nan a allo: ta waɗanne hanyoyi za mu sa wanda ya zo taro sau ɗaya ya dawo na biyu? Muna da minti 20, kuma dabaru 60 nake nema. Ban ce 60 masu kyau ba. Yau sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A cikin wannan minti 20 ba mai cewa 'ba zai yiwu ba', ba mai cewa 'ai mun taɓa gwadawa', ba mai tambayar ina kuɗin. Haka kuma ba mai cewa 'wannan ta yi kyau'. Lokacin tantancewa yana nan zuwa bayan hutu, kowa zai soki abin da ya ga dama, ni ma ina da nawa. Idan dabara ta zo maka ka ji kunyar faɗinta, ita nake so. Idan ka ji ta wani ta tuna maka wata, ɗora a kai, ba sata ba ce. Bari in fara da tawa: mu ƙwace takalmin duk sabon da ya zo, sai ya dawo mako mai zuwa mu ba shi. Malama, rubuta, lamba ɗaya ke nan. Saura 59."

Jawabin ke nan gaba ɗaya, bai kai minti biyu ba. Amma akwai wurare uku a cikinsa da ya kamata ka san dalilinsu, don kada ka yar da su lokacin da kake sake shi da bakinka.

Na farko shi ne alkawarin cewa lokacin suka yana zuwa. A kowace ƙungiya akwai mai kaifin ido wanda da ya ji shawara yake hango inda za ta karye, galibi ma'aji ne ko wanda ya daɗe a ciki. Idan ka ce masa kawai ya yi shiru, zai ɗauka wasan yara ake yi, ya naɗe hannu. Idan ka faɗa masa ƙarfe nawa za a ba shi fili, zai iya haƙuri. Kuma dole ka cika alkawarin, in ba haka ba a zama na gaba ba wanda zai yarda da kai.

Na biyu shi ne hana yabo, wanda mutane da yawa ke mamakinsa. Yabo ma hukunci ne. Da zarar shugaba ya ce wa dabara ta bakwai "madalla", ya kuma yi shiru a kan ta takwas, kowa ya gane inda ransa ya karkata, sauran dabarun sai su bi layin ta bakwai. Amsa ɗaya ce ga kowa: "An rubuta, sai na gaba."

Na uku, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan jawabin, shi ne shirmen da ka fara da shi. Cewa "ku saki jiki" ba ta sakin jikin kowa. Amma idan mai jagora da kansa ya faɗi abin dariya, aka ga an rubuta shi a allo da lambarsa kamar kowace dabara, ƙaramin cikin ɗakin ya san ba abin da zai faɗa ya fi wannan wauta. Ka shirya shirmenka tun daga gida, ka zaɓi wanda ba ya taɓa mutuncin kowa, kuma wanda ke da ƙwayar wani abu a cikinsa. Dubi batun takalmin. Abin da ke ƙarƙashinsa shi ne mutum ya bar wani abu nasa a wurin da zai ja shi ya dawo. Wani zai ce, to mu ara masa littafi ya dawo da shi. Wata ta ce, mu ba shi ɗan aiki tun ranar farko, kamar ɗaukar hoton taro, ya kawo a zama na gaba. Wannan ta uku dabara ce da za a iya farawa a makon, kuma ba lallai a kai gare ta ba da ba a bi ta kan takalmin ba.

Kana gama magana, kada ka ce "wa zai fara?" Ka raba ƙananan takardu, ka ce kowa ya yi minti biyar yana rubutu shi kaɗai, dabara ɗaya a takarda ɗaya, ba suna. Akwai dalili mai ƙarfi. A 1958 masu bincike a Jami'ar Yale, Taylor da Berry da Block, sun gano cewa mutanen da suka yi tunani a ware aka haɗa dabarunsu sun fi waɗanda suka zauna tare yawan dabaru. A 1987 kuma Diehl da Stroebe suka nuna cewa babban abin da ke jawo haka shi ne jiran layi: mutum ɗaya ke iya magana a lokaci guda, kuma yayin da kake jira, ko dai ka manta taka, ko ka riƙe ta gam har ka kasa tunanin wata. Rubutun minti biyar yana rage wannan. Bayansa sai a zagaya, kowa ya karanta guda ɗaya a kowane zagaye, wanda aka riga aka faɗi tasa ya ɗora a kan ta wani. Ka sa mai rubutu daban, ba kai ba, kuma ta rubuta da kalmomin mai magana, domin gyara masa zance ma wata suka ce a ɓoye.

Za ka san ko jawabin ya kama cikin minti biyar na farkon zagayen. Idan kowa yana fara magana da "ban sani ba ko zai yi, amma…", tsoro bai fita ba, ka sake jefa wani shirmen. Idan ana kallon fuskarka bayan kowace dabara, koma gefe, ka bar allon ya zama abin kallo. Idan dabara ɗaya ta ɗauki fiye da rabin minti ana bayaninta, an shiga muhawara ke nan, ka ce "ajiye bayanin sai bayan hutu". Suka ta farko kuwa tabbas za ta zo, kuma yadda ka tare ta ya fi jawabin kansa tasiri. Kada ka ɗaure fuska, kada kuma ka bari ta wuce ko da daga bakin babba ta fito: "Yaya, riƙe mana wannan, sai ƙarfe biyar." Sau ɗaya ka ƙyale, dokar ta mutu.

Wajen dabara ta 30 ko 40 ɗakin kan yi tsit. Jagora mai gaggawa a nan yake rufe zaman, alhali dabarun da aka saba ne suka ƙare. Ka jure shirun kamar rabin minti, sannan ka juya tambayar: "Da so muke sabon mamba ya gudu kada ya sake waiwayarmu, me za mu yi?" Amsoshi za su zubo da dariya: kada a tambaye shi sunansa, a zaunar da shi a baya, a yi awa uku ana karanta bayanin taron da ya wuce. Kowace aka juya ta zama dabara, kuma sau da yawa a nan ne ƙungiya ke jin abin da take yi da gaske.

Idan minti 20 ya cika, ka tsaya ko da an kai 52 ne, ka faɗi adadin da ƙarfi, a tafi hutun minti goma. Bayan an dawo sai a haɗa masu kama da juna wuri ɗaya, a ba kowa ƙuri'a uku ya ɗiga a kan waɗanda ya zaɓa, sannan a ba masu suka filin da aka yi musu alkawari a kan biyar ɗin da suka fi ƙuri'a. Kafin a tashi, kowace dabarar da ta tsira a rubuta mata sunan wanda zai ɗauke ta da ranar da zai kawo bayani.