Darasi na 7: Raba Jari Gida-Gida

Ku buɗe littafinku, ku rubuta 90,000. Tara, sannan sifili huɗu. Wannan shi ne jarinmu na misali, naira dubu casa'in.

Malam na farko ya zuba duka a noman tumatir. Tsutsa ta shiga gona, irin wadda ta cinye tumatir a Kano da Kaduna a shekarar 2016. Kashi biyu cikin uku ya tafi, saura 30,000 a hannunsa.

Malam na biyu ya kasa kuɗinsa uku: 30,000 a tumatir, 30,000 ya sayi ɗan akuya, 30,000 ya sayi gero ya ajiye. Tsutsar ba ta ƙyale shi ba, tumatirinsa ya koma 10,000. Amma tsutsar tumatir ba ta cin akuya, ba ta shiga rumbu. Ya sayar da akuya 35,000, gero 36,000. Ku tara a hankali, ba sauri muke ba. An samu 81,000. Shi ma ya yi asara, amma ta 9,000 ce, ba 60,000 ba.

Yanzu ga inda kusan kowa ke tuntuɓe. Kafin ku raba, ku tambayi kanku: masifa ɗaya za ta iya cinye su gaba ɗaya? Wani zai ce, "Malam, ai na raba, na shuka tumatir da tattasai da albasa." A ina? A fadama ɗaya. Ruwa ya yi ambaliya, duk sun tafi rana ɗaya. Wannan bai raba komai ba. Mai awaki biyar a garke ɗaya fa? Sake tambaya: masifa ɗaya za ta iya cinye su? Ciwo ɗaya ya ishe su. Shi ma bai raba ba. Idan ba ku gane da farko ba, babu komai, ku sake karantawa. Amma don Allah a daina ƙirga mini yawan kaya! Kowane aji sai na faɗa, washegari wani ya kawo mini gero da dawa a rumbu ɗaya, wai ya raba. Gobara fa? Masifa ɗaya za ta iya cinye su?

Rabawa tana rage riba ma. Da tumatir ya yi albarka kuɗi suka ninka, na farko zai tashi da 180,000, na biyu 131,000 kawai.

Akwai kuma masifar da ke dukan kowa lokaci guda. A farkon 2023, da takardun naira suka yi ƙaranci, mai tumatir da mai akuya da mai hatsi duk sun sha wuyar samun mai saye da kuɗi a hannu. Irin wannan, ko gida goma ka kasa jarinka, sai ta taɓa ka.

Darasi na 8: Aiki

Rubuta wurare uku da kuɗinka suke. A gaban kowanne, rubuta abin da zai iya lalata shi. Idan amsa ɗaya ta fito sau biyu, ja mata layi, ka kawo ranar Asabar.