Kirga kaya a hoton kanta kafin sari

'Yan uwa masu shago, idan yaron shago ya turo muku hoton kanta, kada ku kirga abin da ido ya gani kawai. Hoto na nuna layin gaba ne, na baya a ɓoye yake. Sai yaron ya tsaya daidai gaban kantar, kamara a saitin katakon, ya ƙara ɗaukar wani daga gefe don a ga zurfin jerin.

A ɗauki madarar gwangwani. A gaba an ga 6, daga gefe layi 3, kuma an ɗora biyu-biyu, 36 ke nan. Amma a duba layin baya da kyau, domin yara kan jawo kaya gaba su bar rami, kanta ta yi kamar a cike. Idan 4 sun ɓace a can, saura 32.

To, idan ana sayar da 10 a rana, mako zai ci 70. A ƙara na kwana biyu saboda jinkirin mota, ya zama 90. A cire 32, ana buƙatar 58. In katan ɗinku mai 48 ne, ɗaya ba zai kai ba, sai a ƙara dozin ɗaya. Kafin a tura kuɗi a tambayi abin da ke sito, kuma gwangwanin da ya lotse ko ya kumbura ba ya shiga lissafi.