Yadda ake yi wa ƙaramar sana'a rajista, da lasisi da harajin da ke biyo baya

Takardar rajista tana shaida cewa sana'arka tana nan, da sunanta da mai ita. Ba ta ba ka izinin yin kowane irin aiki a kowane wuri ba, ba ta kuma sallame ka daga hukumar haraji ba. A kusan kowace ƙasa waɗannan ofisoshi uku ne daban, shi ya sa za ka ga mai shago ya rataye takardarsa a bango, amma jami'ai sun zo sun garƙame masa ƙofa. Bari mu bi wani kafinta da ke shirin buɗe wurin yin tebura da kujeru, shi da ma'aikaci ɗaya, mu ga yadda matakan ke jeruwa.

Matakin farko ya yanke shawarar wace irin rajista zai yi. Idan ya yi rajistar sunan kasuwanci kawai, shi da sana'ar abu ɗaya ne a idon doka. Ba ta da tsada, ba ta da yawan takardu, sai dai duk bashin da sana'ar ta ci a wuyansa yake, har a iya sayar da motarsa a biya. Idan kuwa ya kafa kamfani mai iyakantaccen alhaki, kamfanin ya zama mai zaman kansa, shi ke cin bashi, shi ake kai wa ƙara, asarar mai shi kuma ta tsaya a kan jarin da ya zuba. Wannan kariyar tana tafe da ɗawainiya: rahoton shekara-shekara, littattafan lissafi a tsare, da harajin kamfani. Kuma ba komai take rufewa ba, domin banki yakan nemi mai ƙaramin kamfani ya sa hannu cewa shi da kansa ya tsaya wa rancen, daga nan bashin ya dawo kansa. A ganina kafintan da ke aiki da kuɗin hannunsa, yana karɓar aiki ɗaya-ɗaya, rajistar suna ta ishe shi a farko. Ranar da ya fara neman manyan kwangiloli ko ya ɗauki abokin tarayya, lokacin kamfani ya yi. In su biyu ne tun farko, su rubuta yarjejeniyar rabon riba da abin da za a yi in ɗaya ya fita, domin a haɗin gwiwa na yau da kullum bashin da ɗaya ya ciyo da sunan sana'ar yakan hau kansu duka.

Na biyu, tun kafin ya biya kuɗin haya, ya je ƙaramar hukuma ko ofishin tsara gari ya tambaya ko an yarda a yi irin aikinsa a wurin. Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma tsallake shi ya fi kowanne ciwo. Injin yanka katako yana da ƙara da ƙura, fenti da man goge katako kuma suna kama wuta, saboda haka unguwar da aka ware don gidajen zama tana iya hana shi. Mai gida ba zai mayar da kuɗin haya don hukuma ta ƙi ba.

Sai rajistar kanta, wadda ita ce mafi sauƙi. Ya tanadi suna biyu ko uku, a bincika ko wani ya riga shi, ya cike fom da adireshin wurin da bayanin aikin da zai yi, ya haɗa da katin shaida, ya biya, ya adana rasit. Ya tabbata rubutun sunansa ya zo daidai da na katinsa harafi da harafi, don saɓanin harafi ɗaya kan hana buɗe asusun banki daga baya. Rajistar suna kuma ba ta kare tambarinsa, rajistar tambari wani fom ne daban.

Da takardar ta fito, ya nemi lambar haraji (wasu ƙasashen tare suke ba da su), sannan ya buɗe wa sana'ar asusun banki nata, kada kuɗin cefane ya cakuɗe da kuɗin katako.

Lasisi kuma tambaya biyu ce ke fito da shi: ina kake aiki, me kake yi? Na wuri shi ne izinin shago daga ƙaramar hukuma, da duba matakan kashe gobara, wani lokaci har da kuɗin kafa allon talla. Na aiki ya danganta da haɗarin da sana'ar ke iya jawo wa jama'a, shi ya sa mai sayar da magani ko mai ɗaukar fasinja ke fuskantar hukumomin da kafinta ba zai taɓa gani ba. Yawancin lasisi na shekara ɗaya ne, ya rubuta ranar ƙarewar kowanne. Duk wanda ya zo karɓar kuɗi, a tambaye shi wace hukuma ce ta aiko shi, a biya ta hanyar da hukumar ta tanada, a karɓi rasit mai sunanta.

Yanzu haraji, inda ya kamata a natsu. Na farko harajin riba ne, kuma a kan riba ake lissafa shi, ba a kan ciniki ba. A ce a shekara kafinta ya yi cinikin 50,000, ya kashe 38,000 a katako, haya, wuta da albashi. Ribarsa 12,000, a kanta za a ɗora haraji. Idan rasit ɗin kashe 10,000 sun ɓace, jami'i na iya ƙin amincewa da su, ribar ta koma 22,000 a takarda, ya biya haraji a kan kuɗin da bai taɓa ci ba. Babban inji kuwa galibi ba a cire kuɗinsa gaba ɗaya a shekara guda, rarraba shi ake yi a kan shekarun da zai yi aiki. Wasu ƙasashen sukan sauƙaƙa wa ƙananan sana'o'i da kuɗi tsayayye ko ɗan kaso daga ciniki, ya tambaya ko ya shiga wannan rukunin.

Na biyu harajin saye da sayarwa, wanda ake rubutawa VAT a fom. Shi wannan na mai saye ne, kafinta karɓa kawai yake yi wa gwamnati. A ce kashi 10 cikin 100 ne. Ya sayi katako a 400, ya biya 40 a kai. Ya sayar da tebur a 1,000, ya karɓi 100 a kai. Abin da zai miƙa shi ne 100 a cire 40, wato 60. Matsalar da ake samu ita ce a ga 1,100 a asusu a ɗauka duk ciniki ne, a sayi sabon katako da shi, ranar biya ta zo ba kuɗi. Maganinta ya ware kuɗin harajin ranar da aka biya shi. Ƙasashe da yawa ba sa tilasta wa ƙaramin ɗan kasuwa shiga wannan harajin sai cinikinsa ya haura wata iyaka, kuma da jimillar ciniki ake auna iyakar. Wanda bai yi rajistarsa ba ba shi da ikon karɓarsa daga kowa.

Na uku ya zo ne da ma'aikacin nan ɗaya. Wanda ya ɗauki ma'aikacin ne ke cire harajin albashi ya miƙa, tare da gudummawar fansho ko inshora inda doka ta ce. Haka nan idan kafinta ya yi wa babban kamfani aiki, ana iya cire wani kaso daga kuɗinsa a matsayin harajin da aka biya tun gaba. Ya nemi takardar shaidar cirewar, da ita za a rage masa a ƙarshen shekara.

Kai rahoto daban, biyan kuɗi daban. Ko shekarar ba a ci riba ba, galibi sai an kai rahoton da ke nuna haka, kuma tarar rashin kaiwa tana taruwa ko da harajin sifiri ne. In ya daina sana'ar, ya rubuta wa ofishin rajista da na haraji su rufe fayil ɗinsa, in ba haka ba za a ci gaba da lissafa masa tara a kan shagon da babu shi.